Karatun Giraf na Hannu a kan Takarda Mai Gidaje: Tantance Ɗigogi da Bayanin Layuka da Layin Daidaito

1.0 Gabatarwa

Giraf zane ne da ake yi domin nuna dangantakar da ke tsakanin abubuwa biyu da aka auna, kamar nauyi da tsawo, ko lokaci da nisa. Idan aka zana shi da hannu, da fensir da rula, a kan takarda mai gidaje, kuskure yana iya shiga ta wurare uku: wajen rubuta bayanin layukan da suka yi wa zanen iyaka, da wajen ɗora ɗigogi, da kuma wajen ja layin da ke ratsa ɗigogin. Wannan takarda tana bayani ne a kan yadda ake karanta irin wannan zane, da yadda ake gano kuskuren da ke cikinsa. An ɗauki misali guda ɗaya an bi shi tun daga farko har zuwa ƙarshe, domin ɗalibin harshe ya ga aikin kansa, ya kuma ga kalmomin da ake fayyace shi da su a Hausa.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ba daga layin da ke tsakiya ake fara karatun giraf ba, duk da cewa shi ne yake fara ɗaukar ido. Daga gefe ake farawa, a koma kan ɗigogi, sannan a ƙare da layin. Dalili kuwa shi ne, kowane mataki ya dogara ne ga wanda ya gabace shi.

2.0 Kalmomin Aiki

Takarda mai gidaje ita ce wadda aka rarraba da layuka na tsaye da na kwance, ta zama murabba'ai kamar gurbin dara. Kowane murabba'i shi ake kira gida. Takardar da aka saba gani a makarantun Nijeriya da Gana tana da babban gida mai faɗin santimita 2, wanda aka raba gida goma a tsaye, goma a kwance, wato kowane ƙaramin gida milimita 2 ke nan. A ƙasashen da ake karatu da Faransanci, kamar Nijar da Cadi, an fi sabawa da takardar da ƙaramin gidanta milimita 1 ne. Hanyar karatun ɗaya ce, amma misalin da ke cikin wannan takarda an gina shi ne a kan nau'i na farko.

Layin kwance shi ne wanda ya tashi daga hagu zuwa dama a ƙasan zane. Layin tsaye shi ne wanda ya tashi daga ƙasa zuwa sama a gefen hagu. Inda suka haɗu shi ake kira kusurwa. Ɗigo shi ne alamar da ake yi da fensir domin wakiltar awo guda ɗaya. Ƙimar gida ita ce adadin da gida ɗaya yake wakilta. Layin daidaito kuwa shi ne miƙaƙƙen layin da ake ja ta tsakiyar ɗigogi, wanda ya fi kowane layi kusa da su baki ɗaya. Gangara ita ce gwargwadon yadda wannan layi yake hawa ko sauka.

3.0 Misalin da Za a Bincika

A ɗauka cewa an ba ɗalibi sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya mai miƙewa irin wadda ke cikin sikelin rataye na ƴan kasuwa. Ya rataye shi, ya riƙa ɗora masa nauyi, yana auna tsawonsa da rula a kowane karo. Ga abin da ya rubuta a jadawalinsa:

Giram 100: santimita 10.1
Giram 200: santimita 11.9
Giram 300: santimita 14.1
Giram 400: santimita 15.9
Giram 500: santimita 18.2
Giram 600: santimita 19.8

Tun a shekarar 1678 masanin Ingila Robert Hooke ya wallafa cewa miƙewar sifirin tana tafiya ne daidai da nauyin da ke jan sa, muddin ba a wuce ƙarfinsa ba. Saboda haka abin da ake tsammani a nan shi ne miƙaƙƙen layi. Ɗalibin ya sa nauyi a layin kwance, daga 0 zuwa 700, kowane babban gida giram 100. Ya sa tsawo a layin tsaye, daga 6 zuwa 22, kowane babban gida yana wakiltar santimita 2 na tsawon sifirin. Ya ɗora ɗigogi shida, ya ja layi daga kusurwa zuwa ɗigo na ƙarshe, ya ce gangarar layin ita ce santimita 2.3 a kowane giram 100. Aikin mai dubawa shi ne ya gano ko wannan amsa abar dogara ce.

4.0 Duba Bayanin Layuka

4.1 Suna da Ma'auni

Abu na farko da ake nema a jikin kowane layi shi ne rubutu mai amsa tambayoyi biyu: me aka auna, kuma da wane ma'auni? A ƙarƙashin layin kwance ya kamata a ga «Nauyi a giram», a gefen layin tsaye kuma «Tsawon sifirin a santimita». Idan aka rubuta «Nauyi» kawai, lamba 300 ba ta da ma'ana, domin tana iya zama giram, tana iya zama kilo.

Akwai kuma wurin da kalma ɗaya takan sauya ma'anar zanen gaba ɗaya. Tsawon sifirin daban, miƙewarsa daban. Tsawo shi ne awonsa tun daga sama har ƙasa. Miƙewa kuwa ita ce ƙarin da ya samu bayan an ɗora masa nauyi. Sifirin da ba a ɗora wa komai ba miƙewarsa sifili ce, amma tsawonsa ba sifili ba ne. Jadawalin ɗalibin na tsawo ne, don haka idan ya rubuta «Miƙewa» a layin tsaye ya yi kuskure, kuma zai sa mai karatu tsammanin layin zai bi ta sifili alhali bai kamata ba.

Haka nan ana duba wanne aka sa a kwance, wanne a tsaye. Bisa al'ada, abin da mai gwaji yake zaɓa da kansa shi ake sawa a kwance, abin da ya biyo baya a sakamakon haka kuma a sa shi a tsaye. Ɗalibin shi ne ya zaɓi nauyi, tsawo kuwa sakamako ne, don haka ya yi daidai. Irin wannan zane ana kiran sa giraf ɗin tsawo a kan nauyi, wato ana fara ambaton na tsaye.

4.2 Ƙimar Ƙaramin Gida

Mataki na biyu shi ne fitar da ƙimar ƙaramin gida a kowane layi. Ana ɗaukar lambobi biyu da ke maƙwabtaka, a cire ƙarama daga babba, a raba da yawan ƙananan gidajen da ke tsakaninsu. A layin kwance, tsakanin 100 da 200 akwai giram 100 a cikin gida goma, don haka kowane ƙaramin gida giram 10 ne. A layin tsaye, tsakanin 10 da 12 akwai santimita 2 a cikin gida goma, don haka kowane ƙaramin gida santimita 0.2 ne, ba 0.1 ba. Yana da kyau mai dubawa ya rubuta waɗannan lambobi biyu a gefen takarda kafin ya ci gaba, domin kusan duk abin da zai biyo baya a kansu ya rataya.

Daga nan sai a bi layin tun daga farkonsa har ƙarshe a tabbatar tazarar ba ta sauya ba. Wani mai zane yakan kwafe lambobin jadawali kai tsaye ya jera su a bakin manyan gidaje, wato ya rubuta 10.1 da 11.9 da 14.1 da 15.9 a tazara iri ɗaya. Wannan babban kuskure ne, domin tsakanin 10.1 da 11.9 akwai 1.8, tsakanin 11.9 da 14.1 kuwa akwai 2.2. Duk wanda ya yi haka zai sami ɗigogi a miƙe tsaf ko da kuwa awon nasa a karkace yake, saboda shi ya tilasta musu miƙewar. Lambobin layi dole su riƙa ƙaruwa da adadi ɗaya, kamar 6, 8, 10, 12.

Ƙimar da ta fi sauƙin aiki ita ce wadda babban gida yake ɗaukar 1 ko 2 ko 5 ko 10, da ninkinsu irin su 20 da 50 da 100. Idan aka ba babban gida 3 ko 7, neman gurbin kowace lamba yakan zama lissafi mai zaman kansa, kuskure kuma ya yawaita. Ana son kuma ɗigogi su mamaye aƙalla rabin filin zane. A misalin nan sun tashi daga 10.1 zuwa 19.8, kusan manyan gidaje biyar cikin takwas, don haka babu laifi.

4.3 Inda Layi Ya Fara

Abu na ƙarshe da ake dubawa a gefe shi ne lambar da ke kusurwa. Mutane da dama sun ɗauka cewa kowane layi daga sifili yake farawa. Ba dole ba ne. Ɗalibin ya fara layin tsaye daga 6 domin kada ya yi asarar ƙasan takarda, kuma wannan dabara ce karɓaɓɓiya. Amma ma'anarta ita ce, kusurwar wannan zane tana nufin nauyi sifili da tsawo santimita 6. Mai dubawa ya ajiye wannan a ransa, domin zai dawo kansa idan aka zo maganar layin daidaito.

5.0 Duba Ɗigogi

5.1 Hanyar Dubawa

Ana fara ƙirga ɗigogi. Jadawali yana da awo shida, don haka dole a sami ɗigo shida. Sannan a duba siffarsu. Ɗigo mai kyau shi ne ɗan gicciye da aka yi da fensir mai tsini, ko ɗan tabo da aka kewaye da da'ira. Tabon da ya cika ƙaramin gida ɗaya ya ɓoye santimita 0.2 a cikinsa, ba a san takamaiman inda mai zane yake nufi ba.

Akwai hanya guda da ta fi kama kuskure. Maimakon a ɗauki lamba daga jadawali a je neman ta a zane, sai a rufe jadawalin, a karanta ɗigon daga zanen, a rubuta abin da aka samu, sannan a buɗe jadawali a kwatanta. Wanda ya riga ya san amsa idonsa yakan ga abin da yake tsammani. Wajen karantawa, ana ɗora rula a kan ɗigo a saukar da ita miƙe zuwa layin kwance a karanta nauyi, sannan a kwantar da ita zuwa layin tsaye a karanta tsawo. Bambancin da bai wuce rabin ƙaramin gida ba ana yafe shi, domin iyakar abin da ido da fensir za su iya ke nan. A nan rabin gida shi ne santimita 0.1 a tsaye, giram 5 a kwance.

5.2 Abin da Aka Samu

Ɗigo na farko ya kamata ya zauna rabin ƙaramin gida a saman layin 10, domin 0.1 rabin 0.2 ne. Na biyu, wato 11.9, rabin gida a ƙasan layin 12. Na uku rabin gida a saman layin 14. Na shida, wato 19.8, gida ɗaya a ƙasan layin 20. Duk waɗannan huɗun an same su a gurbinsu.

Ɗigo na biyar an same shi gida biyu a saman layin 18. Gida biyu kuwa santimita 0.4 ne, wato zanen yana cewa 18.4, jadawali kuma yana cewa 18.2. Dalilin kuskuren a fili yake: ɗalibin ya ga lamba 2 a ƙarshen 18.2 sai ya ƙirga gida biyu, kamar dai kowane gida 0.1 ne. Gurbin ɗigon na gaskiya gida ɗaya ne a saman 18. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a duk zanen da ƙaramin gidansa yake ɗaukar 0.2.

Ɗigo na huɗu kuskurensa ya fi girma. An same shi gida huɗu da rabi a saman layin 14, wato 14.9, alhali 15.9 ake so, wanda yake gida tara da rabi a saman 14, ko kuma rabin gida a ƙasan 16. Ya zame da gida biyar cif, santimita guda. Da yake ba a rubuta 15 a jikin layin ba, ɗalibin ya ruɗe a tsakiyar babban gida. Dabarar kauce wa wannan ita ce a riƙa ƙirgawa daga rubutacciyar lambar da ta fi kusa. Tun da 15.9 ta fi kusa da 16, daga can ya kamata a sauko.

5.3 Ɗigon da Ya Ware

Idan aka ga ɗigo ya fita daga sahun ƴan'uwansa, akwai tambayoyi uku da ake yi bi da bi. Na farko, shin an ɗora shi daidai da jadawali? Idan ba haka ba, kuskuren zane ne, sai a goge a gyara, kamar yadda ya faru ga ɗigo na huɗu. Na biyu, idan ya yi daidai da jadawali, shin awon ne aka yi ba daidai ba? Maganin wannan shi ne a sake aunawa. Idan babu halin haka, sai a kewaye ɗigon, a bar shi a zane, a rubuta cewa ba a yi la'akari da shi ba wajen ja layi. Ba a goge awo don kawai ya ɓata kyan zane. Na uku, idan an sake aunawa an sami abu ɗaya, to ɗigon gaskiya yake faɗa, wataƙila a wannan wurin abin da ake aunawa ya sauya hali.

6.0 Duba Layin Daidaito

6.1 Dalilin Layin

Ko da an gyara ɗigogi shidan nan, ba za su hau kan layi ɗaya tsaf ba. Kowane awo yana da ɗan rauni: sifirin yana iya ɗan lilo, ido yana iya kallon rula a karkace. Wani awon yakan zarce kaɗan, wani ya gaza kaɗan. Layin daidaito yana ratsawa ne ta tsakiya domin zarcewar wani ta shafe gazawar wani. Saboda haka ba a haɗa ɗigo da ɗigo a yi zane mai kwane-kwane, kuma ba dole ba ne layin ya taɓa ko da ɗigo ɗaya. Layi ɗaya ne siriri, da rula, a ja ɗaya. Rula mai garai-garai ta fi dacewa, domin ana ganin ɗigogin da ke ƙarƙashinta.

6.2 Gwaji Uku

Gwaji na farko shi ne ƙirga. Ɗigogin da ke sama da layi da waɗanda ke ƙasa su yi kusan daidai a yawa da kuma nisa. Layin ɗalibin ya tashi daga kusurwa, wato 6, ya tafi 19.8. A kan giram 100 yana nuna 8.3, alhali ɗigo yana 10.1. A kan 200 yana nuna 10.6, ɗigo yana 11.9. A kan 300 yana nuna 12.9, a kan 400 yana nuna 15.2, a kan 500 kuma 17.5. Bayan gyara, ɗigogi biyar duk suna samansa, babu ko ɗaya a ƙasa. Abin lura a nan shi ne, kafin gyara ɗigo na huɗu yana kan 14.9, ɗan ƙasa da layin, sai ya zama kamar yana mara masa baya. Wannan shi ya sa ake gama tantance ɗigogi kafin a taɓa layi.

Gwaji na biyu shi ne na matsakaici. Ana tara lambobin nauyi a raba shida: jimilla 2100, matsakaici 350. Ana tara na tsawo: jimilla 90.0, matsakaici 15.0. Layin daidaito ya kamata ya bi ta gurbin da giram 350 da santimita 15.0 suka haɗu, ko dab da shi. Layin ɗalibin a kan 350 yana kusan 14.1 ne, wato ya kauce da fiye da gida huɗu. Mai gyara sai ya yi ƴar alama a gurbin matsakaici, ya ɗora rula a kanta, ya riƙa juya ta a hankali har ɗigogi su rabu daidai. Idan aka yi haka, za a sami layin da yake nuna 10.0 a kan giram 100, da 12.0 a kan 200, har zuwa 20.0 a kan 600.

Gwaji na uku shi ne na jeri. Ana bin ɗigogi daga hagu zuwa dama ana lura da gefen da kowanne yake. A sabon layin, na farko yana sama da 0.1, na biyu ƙasa da 0.1, na uku sama da 0.1, na huɗu ƙasa da 0.1, na biyar sama da 0.2, na shida ƙasa da 0.2. Uku a sama, uku a ƙasa, kuma a cakuɗe. Haka ake so. Da a ce ukun farko duk suna sama, ukun ƙarshe duk suna ƙasa, to ƙirga ta yi daidai amma layin ya cika tsayuwa, sai a ɗan kwantar da shi. Da a ce kuma na bakin biyu suna sama, na tsakiya duk suna ƙasa, to dangantakar lanƙwasasshiya ce, babu wani miƙaƙƙen layin da zai dace da ita.

6.3 Maganar Kusurwa

Tushen kuskuren ɗalibin shi ne zaton cewa dole layi ya fito daga kusurwa. Kusurwar nan tana cewa sifirin marar kaya tsawonsa santimita 6 ne, kuma babu awon da ya nuna haka. Lamba ce kawai da aka zaɓa domin tsimin takarda. Idan aka miƙa gyararren layin zuwa hagu, zai yanki layin tsaye a kan 8.0, babban gida ɗaya a saman kusurwa. Wannan ita ce lambar da zanen yake bayarwa a matsayin tsawon sifirin kafin a ɗora masa komai, kuma ana iya gwada ta da rula. Sai dai wasu sifirin da aka naɗe su da matsi ba sa fara buɗewa sai nauyi ya kai wani adadi, don haka a wajensu lambar zane takan ɗan gaza ainihin tsawon.

7.0 Fitar da Gangara da Amfani da Layi

Ana fitar da gangara ne daga layin, ba daga ɗigogin jadawali ba, domin layin ya riga ya tace rauninsu. Ana zaɓar wurare biyu a kan layin masu nisa da juna, fiye da rabin tsawonsa, inda ya ratsa mahaɗar gidaje. A nan layin yana kan 9.0 a giram 50, yana kan 21.0 a giram 650. Hawan da ya yi shi ne 21.0 a cire 9.0, wato santimita 12.0. Tafiyar da ya yi a kwance ita ce 650 a cire 50, wato giram 600.

gangara = 12.0 ÷ 600 = 0.020

Ma'ana, kowane giram ɗaya yana ƙara santimita 0.020, ko kuma santimita 2.0 a kowane giram 100. Amsar ɗalibin ta 2.3 ta zarce wannan da kashi 15 cikin ɗari, duk da cewa awon da ya yi da rula ba shi da laifi.

Dalilin zaɓen wurare masu nisa shi ne, kuskuren karatu na 0.1 a cikin hawan 12.0 bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, amma a cikin hawan 2.0 kashi 5 ne. Kuma a kula, ba gidaje ake ƙirgawa a raba ba. A wannan zane layin ya hau ƙananan gidaje 60, ya tafi 60, wanda ya raba su zai sami 1, lambar da ba ta da alaƙa da sifirin. Da an sauya ƙimar gida, layin zai fi haka tsayuwa ko kwanciya a ido, amma 0.020 tana nan yadda take.

Da gyararren layin ana iya auna abin da ba a san nauyinsa ba. Idan aka rataya dutse sifirin ya kai 17.0, sai a tashi daga 17 a layin tsaye a tafi dama har a riski layin, a sauko ƙasa, a sami giram 450. Tun da rabin gida a tsaye yana daidai da giram 5, amsar ita ce wajen giram 445 zuwa 455. Amma wannan dama ta tsaya ne a tsakanin giram 100 da 600 da ɗan abin da ke kusa da su. Lissafi zai ce giram 2000 za su kai sifirin santimita 48, sai dai babu ɗigon da ya shaida haka, kuma sifirin da aka ja fiye da ƙarfinsa yakan saki, ya daina bin miƙaƙƙen layi, har ya kasa komawa tsawonsa na da.

8.0 Ido da Lissafi

Akwai hanyar lissafi ta fitar da layin daidaito ba tare da rula ba. Masanin Faransa Adrien-Marie Legendre ya wallafa ta a 1805, Carl Friedrich Gauss na Jamus kuma ya wallafa nasa bayanin a 1809. Hanyar tana ɗaukar tazarar kowane ɗigo daga layi a tsaye, ta ninka kowace da kanta, ta tara, sannan ta zaɓi layin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta. Layin da take bayarwa kullum yana bi ta gurbin matsakaici, kuma daga nan gwaji na biyu ya samo asali. Idan aka yi wa jadawalin nan wannan lissafi, gangara takan fito 1.98 a kowane giram 100, layin kuma ya yanki layin tsaye a kusan 8.1. Bambancinsa da layin ido, mai 2.0 da 8.0, bai wuce rabin ƙaramin gida ba a ko'ina cikin zanen.

Duk da haka lissafi bai wadatar daga kallon ɗigogi ba. A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya tsara rukunin lambobi huɗu, kowanne da ɗigo 11, waɗanda lissafi yake ba su layi iri ɗaya, wato y = 3 + 0.5x. Da aka zana su, sai aka ga rukuni na farko ne kaɗai ya watsu a gefen layin yadda aka saba. Na biyu lanƙwasasshe ne, na uku miƙaƙƙe ne amma ɗigo ɗaya da ya ware ya janye layin, na huɗu kuma ɗigo ɗaya tak ne ya samar da gangarar. Waɗannan su ne irin matsalolin da gwajin jeri da tambayoyin ɗigon da ya ware suke kamawa.

9.0 Kammalawa

An ga cewa a zanen ɗalibin, bayanin layuka da ƙimar gidaje sun yi daidai, ɗigogi biyu cikin shida sun kauce, layin kuma an tilasta masa bi ta kusurwar da ba sifili ba ce. Bayan gyara, gangara ta sauko daga 2.3 zuwa 2.0 a kowane giram 100. Jerin binciken shi ne: suna da ma'auni, ƙimar ƙaramin gida, lambar kusurwa, karanta kowane ɗigo kafin a duba jadawali, sannan ƙirga da matsakaici da jeri.

10.0 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin tsawo da miƙewa, sannan ka faɗi wanne ne layinsa ya kamata ya bi ta sifili.
2. Idan babban gida mai ƙananan gidaje goma yana wakiltar 5, gida nawa ne a saman layin 20 za a ɗora 22.5?
3. Ɗigogi takwas sun jeru haka: biyu a sama da layi, huɗu a ƙasa, biyu a sama. Me wannan yake nunawa?
4. Yi amfani da gyararren layin ka faɗi nauyin abin da ya kai sifirin santimita 13.0.
5. Rubuta sakin layi ɗaya da Hausa, kana bayyana wa ɗalibin da ya yi zanen kurakuransa uku da yadda zai gyara su.